An Sayar Maka da Jabun Waya? Ga Yadda Takardar Neman Kuɗi Take

A ɗauka malamin makaranta ne ya shiga kasuwar waya, ya ƙirga naira 180,000 ya sayi sabuwar waya a kwali, mai shago yana rantsuwa cewa ta kamfani ce. Sati bai cika ba ta fara cewa ma'ajiyarta ta cika, alhali kwalin ya ce 128GB, hotunan da ke ciki kuwa ba su taka kara sun karya ba. Mai gyara ya duba ya ce jabu ce. Abin da aka saba shi ne a koma shago a yi ta cacar baki har maƙwabta su ba da haƙuri, a watse ba kuɗi. Takarda ta fi wannan aiki, in an san yadda ake rubuta ta.

Sunan mai shago ne a samanta, amma mai rubutu ya sa a ransa cewa wani ne zai karanta ta daga baya: shugaban 'yan kasuwa, jami'in hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu sayayya, ko alƙali. Wannan mutumin bai ga cinikin ba, saboda haka takardar ce za ta nuna masa ranar da aka saya, sunan wayar, kuɗin da aka biya, da abin da mai shago ya ce yana sayarwa. Wannan na ƙarshen shi ne ƙashin bayan magana. Wanda aka gaya masa cewa kwaikwayo ce ya saya da araha ba shi da bakin kuka. In rasit bai faɗi komai ba, saƙon da mai shago ya turo yana cewa "orijina ce" da shaidar tura kuɗi ta banki za su toshe giɓin.

Sai hujjar jabun kanta. A danna `*#06#`, lambar IMEI mai alƙaluma 15 za ta fito, a gwada ta da wadda ke jikin kwali da rasit. In sun saɓa, a ɗauki hotonsu. In sun dace ma ba shi ke nan ba, domin masu jabu kan kwafi lambar waya ta gaskiya su ɗora wa tasu. Shi ya sa rubutacciyar shaida daga cibiyar gyara ta kamfanin ta fi "wani yaro a bakin kasuwa ya ce".

Ga yadda malamin zai iya rubutawa:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Bayan gaisuwa, ranar 3 ga wannan wata na sayi waya a shagonka kan naira 180,000, bisa cewa ta kamfani ce. Cibiyar gyara ta kamfanin ta duba ta, ta tabbatar ba tasu ba ce. Ga kwafin rasit da na shaidarsu. Ina neman a mayar mini da kuɗina cif cikin kwana 14, ni kuma in miƙa wayar da kwalinta da cajarta. In wa'adin ya cika ban ji daga gare ka ba, zan kai maganar gaban shugabannin kasuwa da hukumar FCCPC."

Babu "macuci", babu "ɗan damfara". Ba wai kunya ce ta hana ba. Mai yiwuwa shi ma dila ne ya yi masa sakiyar da ba ruwa, kuma wanda ba a ci wa mutunci ba ya fi saurin buɗe aljihu. Zagi a rubuce kuwa kan iya juyewa ya zama ƙarar ɓata suna. Haka nan kar a yi barazanar abin da ba za a aikata ba.

Mai shago zai iya nuna rubutun ƙasan rasit, wai kayan da ya fita ba a dawo da shi. A Najeriya dokar gasa da kare masu sayayya ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai cika ingancin da ya kamata ba cikin wata uku, kuma wancan rubutun ba ya goge wannan haƙƙi. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin zaɓin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne bayan rubutun. A daina amfani da wayar, kar a bari wani ya sake kwance ta, don fasasshen gilashi kaɗai ya isa a ce kai ka lalata. Takardun asali su zauna a gida, kwafi ake haɗawa. A kai takardar hannu da hannu tare da shaida, mai shago ko yaronsa ya sa hannu da kwanan wata a kan kwafinka. Idan ya ce a bar wayar zai tuntuɓi dilansa, sai ya rubuta cewa ya karɓa, da lambar IMEI ɗinta da ranar da zai biya.