Kafin a Ce wa Ɗalibi Ya Fara: Yadda Ake Auna Daftarin Bincike

A jami'o'inmu, ɗalibin digiri na biyu ko na uku ba ya shiga aikin kundi sai ya gabatar da daftarin bincikensa a gaban malaman sashe, ya kare shi, sun amince. Ɗalibai da yawa kan ɗauki ranar a matsayin ranar shan tambayoyi kawai. Alhali malamin da ya san aikinsa abu ɗaya yake nema a cikin shafukan nan: shin tambayar da aka yi, da karatun da aka yi, da hanyar da za a bi, da lokaci da kuɗin da ake da su, sun dace da juna? Yawancin daftarin da ake mayarwa a nan suke faɗuwa, domin kowane babi kan yi kyau shi kaɗai, amma idan aka haɗa su sai a ga ba sa magana da juna.

Mu ɗauki misali. A ce ɗaliba ce a sashen tattalin arzikin noma ta kawo batu mai taken "Matsalolin noman tumatir a Arewacin Najeriya". Mai duba aiki zai fara da tambayarta: idan kin gama, wace amsa za ki kawo wadda ba mu da ita yau? Wannan take bai nemi amsa ba, fage ne kawai ya zana. Ya ƙunshi iri da taki da ƙwari da farashi da sufuri, a jihohi 19, kuma duk abin da ta rubuta a kai ba wanda zai iya cewa ta yi kuskure. Tambayar bincike ta gari kuwa ita ce wadda amsarta za ta iya fitowa saɓanin abin da mai tambayar ke zato.

Bayan gyara, tambayar tata za ta iya komawa haka: a cikin tumatir ɗin da ake lodi daga kasuwar Kwanar Gafan ta Jihar Kano zuwa Mile 12 a Legas, kashi nawa ne ke lalacewa a kwando, nawa ne a akwatin roba, kuma bambancin ya isa ya biya kuɗin akwatin? Yanzu an san wuri, an san abin da za a kwatanta, an san abin da za a auna. Sai dai saura kalma ɗaya da malamin zai tsaya a kai, wato "lalacewa". Tumatir ɗin da ya fashe amma mai abinci za ta saya da araha, ya lalace ko bai lalace ba? Idan ba a yanke wannan a takarda ba, mutum biyu za su auna kwando ɗaya su kawo sakamako biyu.

Daga nan sai bitar ayyukan da suka gabata. Alamar bita mai rauni a fili take: wane ya ce kaza, wance ta ce kaza, sakin layi bayan sakin layi, ba inda ɗalibar ta sa baki. Abin da ake so shi ne ta nuna ta auna ayyukan. Waɗanda suka ba da alƙaluman asara, sikeli suka sa ko tambayar manoma suka yi? A gona suka auna ko bayan tafiya? Da rani ne ko da damina? Idan biyu suka saɓa, mene ne dalili? Daga irin wannan tantancewa ne hujjar ci gaba da bincike ke fitowa. Jimlar nan da ɗalibai ke so, "ba a taɓa yin wannan aiki a yankin nan ba", ba ta wadatar ba, domin wani lokaci rashin nema ne ya sa ba a gani ba. Malami mai lura yakan zaɓi ayyuka biyu ko uku daga cikin waɗanda aka ambata, ya tambayi abin da suka gano. Nan take ake gane wanda ya karanta da wanda ya kwafo sunaye.

Babin hanyoyin gudanar da bincike ne ya fi buƙatar ido. A ce ɗalibarmu ta rubuta cewa za ta raba takardar tambayoyi ga manoma 400, adadin da ake yawan samu daga lissafin Yamane na 1967 idan jama'ar na da yawa kuma an yarda da kuskuren kashi 5 cikin ɗari. Lissafin daidai ne, amma bai shafi tambayarta ba. Manomin Kura ko Kadawa yakan sayar wa dillali ya koma gona, bai bi mota zuwa Legas ba, don haka abin da zai faɗa kintace ne. Tambayar da ke neman nauyi, sikeli ne ke amsa ta.

Ko da ta yarda za ta auna, akwai wani tarko. Idan ta kwatanta motocin masu akwati da na masu kwando, wataƙila masu akwatin sun fi jari, sun fi samun mota mai lafiya, sun fi isa da wuri. To, me ya rage asarar, akwatin ko motar? Maganin shi ne a ɗebi tumatir na gona ɗaya, tsinkar rana ɗaya, a raba shi kwando da akwati, a ɗora a mota ɗaya, a riƙa sauya musu wuri tsakanin sama da ƙasa a kowace tafiya. Kuma a maimaita tafiyar sau da yawa, domin mota ɗaya da ta lalace a hanya ta kwana za ta iya karkatar da sakamakon gaba ɗaya. A ɓangaren kuɗi ma, dole lissafin ya haɗa da ladan dawo da akwatunan babu komai zuwa Kano, da waɗanda za su karye ko su ɓata.

Na ƙarshe, aikin zai yiwu? A nan malami kan ɗauki biro ya yi lissafi. Tafiya 12, kowace da kwando 10 da akwati 10, mazubi 240 ke nan, kowanne a auna shi wajen lodi da wajen saukewa: awo 480, ban da zaman tsince ruɓaɓɓe. Wa zai tsaya mata a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000? Shugabannin kasuwa da 'yan kasuwar sun yarda a taɓa musu kaya? Wa zai sayi akwatunan? Sannan kakar tumatir ɗin rani ba ta jiran kalandar jami'a. Idan amincewar sashe ta zo bayan kaka ta wuce, shekara guda ta tafi, a shirin da galibi bai wuce shekara biyu ba. Haka kuma annobar tsutsar Tuta absoluta da ta cinye gonakin Kano a 2016 ta nuna cewa kayan da za a auna ma kan iya yankewa. Daftari mai kyau yakan faɗi abin da za a yi idan haka ta faru.

Hukuncin da ya dace da wannan ɗaliba shi ne ta gyara ta dawo. Ta ajiye takardun tambayoyi 400, ta riƙe gwajin awo, ta rage nisan zuwa Abuja idan aljihu bai kai Legas ba, ta kuma rubuta ƙarara cewa sakamakonta na wannan hanya ne da wannan kaka kaɗai. Malamin da ya bar ta ta wuce don kada ranta ya ɓaci bai taimake ta ba. Gyaran da zai ci mata mako biyu yanzu, idan aka bar shi sai ranar kare kundi, ba a iya yin sa sai an sake komawa kasuwa a kaka ta gaba.