Ya Iya Alli, Ya Kasa Biro: Me Shugaban Makaranta Zai Rubuta a Kansa?

Kusan kowace makarantar sakandare tana da irin wannan malami. Idan ya shiga aji ya ɗauki alli, har ɗaliban da suka tsani lissafi sai su tattara hankali. Idan sakamakon WAEC ya fito, darasinsa ne ke fitar da makarantar kunya. Amma ka ce ya kawo rajistar ajinsa ko littafin makin ɗalibai, sai ya fara sosa ƙeya, ya ce yana gida, ko kuma gobe in Allah ya kai mu. Matsalar takan kwanta har ƙarshen shekara, lokacin da shugaban makaranta zai zauna da fom ɗin tantance ma'aikata da ake kira APER, ya rubuta 'yan layukan da za su shiga fayil ɗin malamin, su bi shi har gaban masu duba ƙarin girma.

Fom ɗin ba na sirri ba ne. Tun bayan rahoton kwamitin Udoji na 1974 aikin gwamnati a Najeriya ya koma tsarin da ma'aikaci zai ga abin da na sama da shi ya rubuta a kansa, ya sa hannu, in bai yarda ba ya faɗi dalilinsa. Wannan ne ya sa shugabanni da yawa suke zaɓar zaman lafiya. Mutumin da za ku haɗu a masallaci da yamma, wanda wataƙila ya je sunan ɗanka, yaya za ka rubuta masa aibu yana kallo? Sai a rubuta cewa malami ne haziƙi mai ƙwazo, a bar kaza cikin gashinta. Da Turanci ake cike fom ɗin, amma abin da zan kawo a nan ma'anarsa ce da Hausa.

Mu ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Malamin lissafi ne, yana koyar da 'yan aji shida na sakandare, kuma shi ne malamin aji na ɗaya daga cikin azuzuwan 'yan aji huɗu. Ɗalibai 48 ya gabatar a jarrabawar ƙarshe, 39 suka sami kiredit, wato C6 zuwa sama. A bara 30 ne cikin 50. Wannan ci gaba ne da ba mai musunsa. Amma da mataimakin shugaba mai kula da harkar karatu ya tattara littattafai a zango na biyu, sai aka ga mako uku cikin goma sha uku ba a yi kiran suna a rajista ba. Littafin dayari, inda malami yake rubuta abin da ya koyar kowane mako, ya tsaya a mako na biyar. Makin gwaji na biyu kuwa babu shi sam. Malamin ya ce ya duba takardun, ya rubuta makin a wata takarda, takardar ta ɓace.

Mai karatu zai iya cewa, to sai me? Ai yara sun ci jarrabawa, kuma don haka aka kai su makaranta. Amsar tana cikin wancan maki da ya ɓace. Tun da manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta shigo da tsarin auna ɗalibi a kai a kai, sakamakon yaro bai dogara ga jarrabawar ƙarshen zango kaɗai ba. A makarantu da yawa gwaje-gwaje da aikin gida suna ɗaukar maki 30, jarrabawa 70; wasu kuma 40 da 60. A ce yarinya ta sami 45 cikin 70 a jarrabawa, ta sami 12 cikin 15 a gwajin farko, 13 a na biyu. Jimla 70 ke nan. In aka cire gwajin da ya ɓace, ta dawo 57. Ta faɗo daga sahun gaba zuwa tsakiyar aji, ba da laifinta ba, kuma iyayenta za su karɓi takardar sakamako su yi mata faɗa. Ga shi hukumomin jarrabawa irin su WAEC suna neman makarantu su tura musu makin da ɗalibai suka tara a shekarun babbar sakandare, saboda haka gurbin ba a cikin makaranta kaɗai yake tsayawa ba.

A gaskiya ma da wuya a bar gurbin fayau. Abin da aka fi yi shi ne malami ya zauna dare ɗaya ya cike shi da ka. Shugaban da ya daɗe a aiki yana gane wannan da kallo guda. Rajistar da aka cika kullum tana da bambancin biro da na hannu, wata rana shuɗi, wata rana baƙi, wani wuri an yi sauri. Wadda aka cika a zama ɗaya tsaf take kamar an buga da inji. Za ka ga an yi kiran suna ranar 1 ga Oktoba da babu makaranta, ko yaron da ya koma wani gari tun tsakiyar zango yana nan yana amsa suna safe da rana. A littafin maki kuma kowa ya sami 10 ko 11 ko 12, babu mai 3, babu mai 15, alhali ajin da ke da mutum hamsin ba ya taɓa zama haka. Ni a ganina wannan ya fi gurbi muni, domin gurbi sakaci ne, cikewa da ka kuwa ƙarya ce a takardar hukuma. Kuma sau da yawa shugaban ne da kansa ya jawo ta, ranar da ya ce a kawo masa littattafai cikakku kafin masu duba makarantu su iso gobe.

Akwai kuma abin da shi malamin bai cika tunawa ba. Sakamako mai kyau da ba shi da takarda a bayansa ba ya kare mai shi. Idan makaranta ta tashi daga 30 cikin 50 zuwa 39 cikin 48, wani zai yi murna, wani kuma zai yi zargin an yi satar amsa. Me zai wanke malamin? Dayarin da ya nuna ya gama manhaja a kan lokaci, da littafin makin da ya nuna yaran suna hawa sannu a hankali tun zangon farko. In babu su, sai rantsuwa.

To, me za a rubuta? Na farko, kada yabo ya haɗiye gyara. Sharhin da ya ce malamin haziƙi ne, sai dai ya ɗan ƙara kula da takardu, bai faɗi komai ba; malamin zai karanta rabin farko ya ninke takarda. Haka kuma kada gyara ya haɗiye yabo. Shugaban da haushi ya ɗebe shi ya rubuta cewa malamin malalaci ne marar bin doka ya yi zalunci, ya kuma rubuta abin da ba zai iya karewa ba, domin malalaci ba ya fitar da kiredit 39. Kalmomi irin su malalaci da mai taurin kai hukunci ne a kan halin mutum. Fom ɗin aiki yake aunawa, kuma ya raba shi gida-gida don a ba kowane gida makinsa. Sai a ba shi maki mai yawa a ingancin koyarwa, a ba shi kaɗan a kula da takardu, kada a haɗa biyun a raba a ce matsakaici ne a komai, don ba matsakaici ba ne a ko ɗaya.

Sharhin da ya dace zai yi kama da haka: "A jarrabawar bana ɗalibai 39 cikin 48 da ya koyar sun sami kiredit a lissafi, a kan 30 cikin 50 na bara. Yana zuwa aji a kan lokaci, bayaninsa yana shiga ɗalibai, ya kuma ba su ƙarin darasi da yamma ba tare da an sa shi ba. Ajiye bayanansa bai kai matsayin da ake buƙata ba: a zango na biyu rajistar ajinsa ba a cika ta mako uku ba, dayarinsa ya tsaya a mako na biyar, makin gwaji na biyu kuma ba a shigar ba, abin da ya jinkirta fitar da sakamakon ajin. An yi masa magana a kan haka a watan Fabrairu da na Maris. An yarda da shi cewa daga zango mai zuwa zai miƙa rajista da dayari kowace Juma'a, ya shigar da maki cikin mako guda bayan kowane gwaji, za a kuma sake duba lamarin a mako na shida."

Jimlar da ta fi kowace nauyi a nan ita ce ta Fabrairu da Maris. Bai kamata malami ya fara jin laifinsa ranar da aka miƙa masa fom ba. In shugaba bai taɓa yi masa magana ba, bai kuma taɓa sa hannu a dayarin ba tun mako na biyar, to littafin da zai kafa hujja da shi yana ba da shaida a kansa shi ma. Wurin sa hannunsa na mako-mako ma fayau yake.

Kafin a rubuta, sai an zauna. Ba a gaban sauran malamai ba, a ofis, an tura ƙofa.

"Malam, wallahi ka fitar da mu kunya bana. Amma ga dayarin nan, me ya tsayar da shi?"

"Ranka ya daɗe, darasi talatin da biyu nake yi a mako, tun da aka ɗauke ɗayan malamin lissafin. Ga aji kuma a hannuna."

Irin wannan amsa takan canza abin da za a rubuta. Idan gaskiya ne mutum yana ɗauke da aikin mutum biyu, adalci shi ne a faɗi haka a cikin sharhin, a kuma sauke masa riƙon aji a ba wani mai ƙarancin darussa, a bar shi da dayari da maki, waɗanda ba mai iya yi masa. Wani kuma ba nauyi ne ya yi masa yawa ba, bai iya haɗa jimlar rajista ta ƙarshen mako ba ne, yana jin kunyar tambaya saboda sunan da ya yi. Wannan zama biyu da wani tsohon malami ya ishe shi. Sai na uku, wanda yake ganin ya fi ƙarfin aikin takarda tunda sakamakonsa yana magana. Shi ne mai wuya, don sauran malamai suna kallo. Ranar da aka ƙyale shi, an rasa bakin yi wa malamar da ke koyar da 'yan aji ɗaya magana, ita da ba ta da jarrabawar waje da za ta fake da ita.

Saura gurbin ƙarshe na fom, inda ake tambaya ko ya cancanci ƙarin girma. A nan shugabanni sukan rabu. Ra'ayina shi ne, in wannan ce shekarar farko da aka rubuta matsalar, a ce ya cancanta, tare da sharaɗin da ke sama. Amma in ana maganar ba shi shugabancin sashen lissafi ko jami'in jarrabawa, sai a dakata, domin aikin waɗannan kujeru biyu kusan duka takarda ne, kuma shi ne zai riƙa karɓar dayarin wasu yana sa hannu. Idan mako na shida ya zo littattafan suna nan yadda suke, sai takardar tuhuma ta biyo baya, da kwanan wata da kwafi a fayil. Idan kuwa ya gyara, wannan ma sai a rubuta shi a fom ɗin baɗi, da irin ƙididdigar da aka rubuta laifin da ita.