Yadda waƙar sujada ta Turanci take zama ta Hausa a bakin jama'a

Duk wanda ya taɓa zama a majami'ar da ake sujada da Hausa, a Jos ko Wusasa ko Maraɗi, ya san akwai waƙoƙi iri biyu a Littafin Waƙoƙi. Akwai wadda da an ɗauko ta kowa zai kama, tsoho da yaro. Akwai kuma wadda ake ta tuntuɓe a cikinta, ana haɗiye rabin kalma don a cim ma masu kiɗa. Sau da yawa dukansu fassara ce daga Turanci, ma'anarsu kuma daidai take. Abin da ya raba su shi ne ko mai fassara ya auna gaɓoɓin Hausa da muryar waƙar, ko kuwa ƙirga su kawai ya yi.

Mu ɗauki waƙar da aka sani da Amazing Grace. John Newton ya rubuta ta a 1772 a garin Olney na Ingila, aka buga ta a 1779, muryar da ake rera ta da ita a yau kuwa, mai suna New Britain, sai a 1835 aka haɗa su a Amurka. Kowane baiti ɗango huɗu ne: gaɓa 8, sai 6, sai 8, sai 6. Muryar tana tafiya ne gajere, dogo, gajere, dogo. Wannan shi ne ma'aunin da mai fassara ya gada, kuma ba shi da ikon faɗaɗa shi, domin jama'a sun riga sun haddace muryar.

Matsala ta farko ita ce tsayi. Turanci cike yake da kalmomi masu gaɓa ɗaya, Hausa kuwa ba haka take ba. Kalmar da take tsakiyar waƙar Newton gaɓa ɗaya ce a Turanci, a Hausa kuma "alheri" ce, gaɓa uku. "Zunubi" uku, "Ubangiji" huɗu, wato rabin ɗango ke nan ya tafi a suna ɗaya. Saboda haka dole a zubar da wani abu, gwanintar kuma tana wajen sanin abin da za a zubar.

Ga misali da na shirya da kaina don a ga aikin. A ce ɗango biyu na Turanci, masu gaɓa 8 da 6, roƙo ne cewa Ubangiji ya riƙe mai waƙa sosai a lokacin wahala. Fassarar kai tsaye za ta ce: "Ya Ubangiji, ka riƙe ni da ƙarfi sa'ad da dare ya yi duhu." Gaɓa 21 ke nan, alhali gurbi 14 ne. Sai a cire "ya" da "ka", tunda roƙon yana nan ba su. "Da ƙarfi" ta koma "kam", gaɓa ɗaya wadda ma ta fi ta nuna riƙon. "Sa'ad da dare ya yi duhu" ta dunƙule ta zama "cikin duhun dare". Abin da ya rage shi ne: "Ubangiji, riƙe ni kam, cikin duhun dare."

Adadi ya cika, amma ba shi kaɗai ya sa ɗangon ya zauna ba. Hausa tana da gaɓa marar nauyi, kamar "gi" ta "gida", da mai nauyi, wadda take da dogon wasali ko take rufe da baƙi, kamar "ban" ko "kam". A furta U-ban-gi-ji a hankali: sauƙi, nauyi, sauƙi, nauyi. Haka ci-kin, du-hun, da-re. Kowace gaɓa mai nauyi ta faɗa kan dogon sauti na muryar, marar nauyi kuma kan gajere. Marubuta waƙoƙin Hausa da suka yi karatun aruli sun daɗe da wannan awo, tun zamanin su Nana Asma'u, kuma a ganina duk mai son fassara waƙar sujada ya kamata ya fara da horar da kunnensa a kansa. Shi Bature da ƙarfin murya yake auna ɗangonsa, mu da tsayin gaɓa muke auna namu. Wanda ya manta da haka zai sa "cikin" a inda za a ja "ci", jama'a su rera abin da ba Bahaushen da yake faɗa.

Wani lokaci ɓarnar tana kaiwa har ga ma'ana. "Gado" na magada dogon wasali gare shi a farko, "gado" na kwanciya gajere. Waƙar da take zancen gadon da aka tanadar wa masu bi, in aka ɗora "ga" ɗin a kan gajeren sauti, kunne zai ji wurin barci. Wanda ya fi wannan hatsari shi ne "ya". In aka ja ta a "ya cece ni", shaida ce cewa ceto ya riga ya faru. In aka gajarta ta aka sauke murya, ta zama roƙo, ceton bai zo ba tukuna. Rubutun boko ba ya nuna wannan bambanci, don haka a takarda ba za a ga kuskuren ba, sai an rera.

Karin sauti, wato hawa da saukar murya a kalma, ba a iya kiyaye shi duka a muryar da aka tsara a wata ƙasa. Masu sauraro suna yafe yawancinsa domin jimla tana nuna abin da ake nufi. Inda za a lura shi ne ƙarshen ɗango da kuma inda murya take hawa sosai: kalmar da take sauka a magana, kada a cilla ta sama a can.

Akwai ɗan sarari da muryar New Britain take bayarwa. A wasu wurare gaɓa ɗaya ta Turanci tana ɗauke da gajerun sautuka biyu. Nan za a iya zuba gaɓa biyu marasa nauyi, kamar "zu-nu" ta "zunubi", ba wanda zai ji an matsa.

Sai batun abin da waƙar take sa mutum ya ji a ransa. Newton ya taɓa zama kyaftin ɗin jirgin fataucin bayi, kuma a baitin farko ya kira kansa da kalma mai tsananin ƙasƙanci. In aka ce "mai zunubi", gaskiya ne, amma kowa yana faɗin haka ba tare da ya ji zafi ba. "Matsiyaci" ta karkata ga talauci da zagi. "Lalatacce" ta fi kusa da ciwon, sai dai gaɓa huɗu ce, dukansu kuma suna neman wuri. Ni dai na fi son a ba irin wannan kalma gurbinta ko da za a rasa wata sifa a gefe, domin ita ce take sa alherin ya zama abin mamaki. Sauran kalmomin ibada, kamar fansa da ceto da tuba, gara a bar su yadda jama'a suka san su a Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa ta Hausa tun 1932.

Amsa-amo shi ne abu na farko da zan sadaukar. Neman sa dole yakan sa a juya jimla baibai, ko a cusa "fa" da "dai" inda ba su da aiki. In ya zo da kansa, madalla.

Gwajin ƙarshe ba a teburi ake yin sa ba. A ba 'yan Zumuntar Mata ko ƙungiyar mawaƙa rubutun, waɗanda sun san muryar amma ba su taɓa ganin kalmomin ba, a ce su rera ba tare da an koya musu ba. Duk inda suka yi tuntuɓe, ko suka sauya wata kalma da kansu, a sa alama, a koma a auna gaɓoɓin wannan ɗangon ɗaya bayan ɗaya.