Harajin VAT a takardar kaya daga Jamus: yadda ake bin lissafinsa

Ɗan kasuwar da ya sayi kaya a Jamus yakan kai ido can ƙasan takardar kuɗin da aka aiko masa, ya ga jimilla, ya biya. Layuka biyu ko uku da ke saman jimillar kuwa su ne suka fi cancantar kallo, domin a nan kuɗi ke sulalewa ba a sani ba.

Kalmomi uku ne ke riƙe da takardar. Netto shi ne kuɗin kaya kafin haraji. MwSt., ko USt. a wasu takardun, shi ne harajin da a Najeriya ake kira VAT, a Nijar kuma TVA. Brutto shi ne abin da za a biya gaba ɗaya. Jamus na karɓar kashi 19 cikin 100 a kan yawancin kaya, sai kashi 7 a kan irin su littattafai da galibin kayan abinci. Wani abin da ke rikita baƙo shi ne rubutun lamba: Jamusawa na sa waƙafi inda ɗan Najeriya ya saba ganin ɗigo, don haka 1.011,50 na nufin yuro dubu ɗaya da sha ɗaya da santi hamsin.

A ɗauka wani tela ya sayi kekunan ɗinki biyu a Hamburg, kowanne yuro 450 kafin haraji. Kuɗinsu 900 ke nan. Mai kaya ya yi masa rangwamen kashi 10, an cire 90, saura 810. An ɗora kuɗin dako yuro 40 zuwa gidan ɗan'uwansa da ke zaune a can, Netto ya zama 850. Dakon ma haraji na hawa kansa, tunda yana bin kayan da aka ɗauko. Sai a ninka 850 da 0.19, a sami 161.50. In aka haɗa su, Brutto ya tashi 1,011.50. Duk wanda ke da waya mai kalkuleta zai gama wannan kafin shayinsa ya huce.

To, idan takardar ta nuna harajin 178.60 fa? Ba sai an yi ta hasashe ba. Bambancin 17.10 ne, wanda shi ne daidai kashi 19 na yuro 90. Wato an lissafa haraji kafin a cire rangwame, telan yana biyan haraji a kan kuɗin da aka riga aka yafe masa. Dabarar ke nan: a raba bambancin da 0.19, adadin da ya fito yakan nuna layin da aka tsallake ko aka sa sau biyu. Amma santi ɗaya ko biyu ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne. Yakan faru idan an lissafa harajin kowane layi daban aka cike ɓurɓushinsa.

Kuskuren da ya fi yawa daga mai saye yake fitowa. Yakan ga jimillar 1,011.50, ya cire mata kashi 19, ya sami kusan 192.19, ya kama zargin an cuce shi. A kan Netto ake ɗora haraji, saboda haka mai komawa baya rabawa zai yi da 1.19: ya sami 850, abin da ya rage, 161.50, shi ne harajin. Ga kaya masu kashi 7, da 1.07 ake rabawa. Takardar da ta haɗa keke da littafi dole ta nuna harajin kowane kashi a layinsa, kuma kowanne daban ake binsa.

Akwai tambayar da ta fi duk wannan lissafi tsoka: shin harajin ya kamata ya bayyana ma? Da mai kayan ne ya aika kekunan kai tsaye zuwa Kano ko Maraɗi, sun fita daga Tarayyar Turai, kuma bisa ƙa'ida Jamus ba ta karɓar wannan haraji a kansu. Layin sai ya nuna sifili, tare da bayani irin “steuerfreie Ausfuhrlieferung”. Mai kayan na buƙatar shaidar kwastam cewa kayan sun fita, shi ya sa wasu ke karɓar harajin tukuna, su mayar in shaidar ta iso. Wannan magana ce da ya kamata a rubuta ta kafin kuɗi su bar hannu. Sifilin kuma ba ya nufin an tsira: a tashar Legas kashi 7.5 na Najeriya na jiran kayan, a Nijar kashi 19.

Idan an gano kuskure, ba a gyara shi da biro. Mai saye zai rubuta wa mai kaya, ya ambaci lambar takardar da ranarta da layin da bai daidaita ba, ya nemi gyararriyar takarda, wadda a can suke kira Rechnungskorrektur.