Ciwon da ake kira olsa alhali na fankiriyas ne

Mutumin da ya kwana yana shan giya, kashegari ciwo mai tsanani ya turniƙe shi a saman ciki, ƙarƙashin ƙahon zuci, ya ratsa har gadon baya, ga amai ba ƙaƙƙautawa, yawanci kemis yake fara nufa. Idan a Sama Road yake, cikin Sakkwato, ba zai yi nisa ba zai samu, ya ce olsa ce ta tashi, a ba shi farin maganin nan na ruwa. A ganina haɗarin daga nan yake farawa, domin ciwon da ke ratsawa zuwa baya bayan shan giya mai yawa na iya zama kumburin fankiriyas.

Fankiriyas tsoka ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, dab da ƙashin baya, shi ya sa ake jin ciwonta ta baya. Shi ya sa kuma mai ciwon kan ɗan sami sauƙi in ya zauna ya sunkuya gaba, ya ƙara jin jiki in ya kwanta rigingine. Tana samar da sinadaran narka abinci, waɗanda ba sa fara aiki sai sun isa hanji. Giya kan sa su farka tun suna cikin fankiriyas, sai su shiga cin naman da ya samar da su. Maganin olsa tsamin tumbi kawai yake ragewa, ba ya taɓa wannan. Likita kan tabbatar da cutar idan biyu cikin uku suka haɗu: irin wannan ciwo, sinadarin lifas ko amilas a jini ya ninka iyakarsa sau 3, ko hoton ciki ya nuna kumburin. Kusan mutum 4 cikin 5 suna warkewa cikin mako guda da ƙarin ruwa da maganin zafi. A ragowar kuwa ƙoda ko huhu kan iya gazawa, kuma ruwan da aka ƙara tun ranar farko yana da tasiri sosai. Numfashi sama-sama, raguwar fitsari da jiri alamu ne na a garzaya Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wani zai ce ai mashaya da yawa sun tsufa lafiya lau. Haka ne, ƙalilan ne ke kamuwa, amma babu mai sanin kansa kafin ta faru, taba sigari tana ƙara haɗarin, kuma wanda ya ci gaba da sha bayan kamun farko ciwon kan dawo, har ya kai ga ciwon suga. Wani kuma zai ce a garin da giya take haram, kuma abin kunya, wa zai faɗa? Na fahimci nauyin, sai dai tsakuwar matsarmama ma tana jawo wannan cuta ga wanda bai taɓa kurɓa ba, don haka sunan cutar ba ya tona asirin kowa. Likita ne kaɗai ke buƙatar jin abin da aka sha da yawansa, saboda wanda ya saba sha kullum na iya fara karkarwa ko farfaɗiya cikin kwana biyun farko bayan an kwantar da shi, kuma akwai maganin riga-kafin hakan in an sani da wuri.