Kafin Ka Ɗaure Kaya, Ka Ƙirga Ranakun da Ke Jikin Takardunka

A bara na raka wani ɗalibina filin jirgin sama a Kano. Zai tafi Alƙahira ya gabatar da maƙala, kuma wannan ce fitarsa ta farko daga ƙasa. Yana da biza, yana da tikiti, gida kuwa an yi addu'a an yi sallama. Ma'aikaciyar da ke awon kaya ta buɗe fasfonsa, ta dubi na'urarta, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba za ka iya hawa ba." Ya ce, "Hajiya, ai fasfona bai mutu ba." Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta fisshe shi ba.

Ga lissafin. Zai sauka Masar ranar 10 ga Maris, fasfonsa kuma zai ƙare ranar 20 ga Agusta. Masar, kamar ƙasashe da dama, tana so fasfon baƙo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Wata 6 daga ranar saukarsa shi ne 10 ga Satumba, ke nan ya gaza da mako uku. Kamfanin jirgi ne ke fara tantancewa, domin idan ya kai fasinjan da aka ƙi karɓa, shi zai dawo da shi, wani lokaci har da tara. Yawancin kamfanoni suna duba sharuɗɗan kowace ƙasa a wani kundi mai suna Timatic, kuma magiya ba ta sauya abin da ya nuna.

Darasin da na ɗauka shi ne, mallakar takarda daban, dacewar ranakunta daban. Saboda haka ka fara da fasfo tun kafin ka nemi biza. Ka rubuta ranar tafiya da ta dawowa, ka ƙara wata 6 a kan ta dawowar don kauce wa jayayya. In fasfon bai kai can ba, ka sabunta shi. Ka tabbata akwai aƙalla shafi biyu da ba a buga musu hatimi ba.

Biza kuma tana ɗauke da abu biyu da ake yawan gwamutsawa: wa'adin da za a iya amfani da ita, da adadin kwanakin da aka yarda ka zauna. Tana iya yin wata uku tana aiki, alhali zaman da aka ba ka kwana 30 ne. Ka duba ko shiga ɗaya ce ko fiye, domin mai shiga ɗaya ta gama aiki da zarar ka fita. Idan jirginka zai ya da zango a wata ƙasa, ka bincika ko tana neman bizar wucewa. Ɗan Nijeriya mai zuwa Gana ko Senegal ba ya buƙatar biza har kwana 90 bisa yarjejeniyar ECOWAS, amma wannan bai ɗauke masa sauran takardun ba.

Katin rigakafin shawara, wato ɗan littafin nan mai ruwan ɗorawa, shi ma da nasa lissafin. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya yi ta ana jibi zai tashi ya makara. Amma tun daga 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Ka je cibiyar da hukuma ta amince da ita, a yi maka allurar da gaske. Katin da aka saya a bakin ƙofa yana iya jawo maka tsarewa a can, kuma ba ya kare jiki daga cuta. Mai niyyar Umara ko Hajji kuwa sai ya haɗa da allurar sanƙarau.

Saura tikitin dawowa, wanda shi ne hujjarka cewa ba zama ka zo yi ba. Kama kujera ba sayen tikiti ba ne, domin kujerar da ba a biya ba takan soke kanta. Tikitin da aka biya yana da lamba mai alƙaluma 13. Ka nemi wakilinka ya nuna maka ita, ka tabbatar a shafin kamfanin jirgin, sannan ka buga shi a takarda, domin waya takan mutu a lokacin da ake nemanta. Ranar dawowa ta faɗa cikin kwanakin da biza ta ba ka, sunan da ke tikitin kuma ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi. Muhammad da Mohammed, a idon na'ura, mutum biyu ne.

Ɗalibin nawa ya rasa taron, ya kuma biya kuɗin sauya tikiti. Yanzu duk wanda ya zo ofishina yi mini sallamar tafiya, nakan miƙa masa kalanda, in ce ya baje takardun nan huɗu a kan tebur mu ƙirga tare.