Dalilin Da Agogon Motsa Jiki Ke Daina Haɗuwa Da Waya Bayan Sabuntawa, Da Yadda Ake Gyarawa

Ƙananan agogunan hannu masu araha da ke ƙirga taku da bugun zuciya, irin su M6 da D20 da Y68 da suka cika shagunan kayan waya, ba sa iya yin komai mai yawa su kaɗai. Manhajar da ke kan waya, kamar FitPro ko Da Fit ko Wearfit Pro, ita ce ke saita musu lokaci, ta kwashe lissafin da suka tara, ta kuma tura musu sanarwar kira da saƙo. Shi ya sa idan waya ta sabunta tsarinta, aka wayi gari manhajar tana ta juya alamar nema ba ta ga agogo ba, mai shi kan ɗauka agogon ne ya mutu. A mafi yawan lokuta agogon lafiyarsa ƙalau. Abin da ya canza yana cikin wayar, kuma yawanci ɗaya ne daga abubuwa uku: izinin da manhajar ke buƙata, tsohon haɗin da wayar ta riƙe, ko tsarin tattalin batir.

Waɗannan agoguna suna amfani da wani nau'in bulutut mai ƙarancin cin wuta, wanda ya shigo da siga ta 4.0 a shekarar 2010. Ya bambanta da wanda ake haɗa sifika ko abin sauraro na kunne da shi. Idan agogo ba ya haɗe da kowace waya, yakan riƙa watsa ɗan gajeren saƙo mai ɗauke da sunansa da lambarsa, kamar mai talla da ke kiran hajarsa a kan titi, wanda da zarar mai saye ya tsayar da shi sai ya yi shiru. Yawancin agogunan masu araha waya ɗaya kawai suke karɓa a lokaci guda, kuma suna daina wannan shela da zarar wani abu ya kama su. Don haka manhaja na buƙatar abu biyu kafin ta haɗu da agogo: tsarin waya ya bar ta ta saurari shelar, agogon kuma ya kasance a sake yana yin ta.

Batun izini ne ya fi ruɗa mutane, domin Android ya sha canza dokarsa. Tun daga Android 6 a 2015, duk manhajar da ke son neman na'urorin bulutut na kusa sai ta samu izinin sanin wurin da waya take. Dalilin shi ne, ana iya gane inda mutum yake ta hanyar na'urorin da ke kewaye da shi. Android 10 a 2019 ya ƙara tsaurara dokar. Sai Android 12 a 2021 ya ware wa bulutut izininsa na daban, wanda ke fitowa a allo da sunan Nearby devices, ya kuma ba mai waya damar zaɓar ko manhaja ta san wurinsa daidai ko kuwa ƙiyasi kawai. Daga nan manhajoji suka rabu gida biyu. Waɗanda masu su suka gyara suna neman sabon izinin, waɗanda aka bari a tsohon gini kuma suna nan suna dogaro da izinin wuri. Manhajojin agoguna masu araha sun fi faɗawa rukuni na biyu, ko kuma a yi musu gyaran rabi da rabi, su buƙaci duka biyun.

Misali, a ce wayar Tecno ko Infinix ce da ta tashi daga Android 11 zuwa 12, agogon kuma Y68 ne mai aiki da FitPro. Bayan sabuntawa agogon na nuna lokaci yana ƙirga taku, amma manhajar ba ta ganinsa, jerin na'urorin da take nema fayau. Wannan alamar, wato jerin da babu ko na'ura ɗaya a ciki, har da na maƙwabta, kusan kullum izini take nufi. Gyaran na farawa daga Settings, sai Apps, a zaɓi FitPro, a shiga Permissions. A can za a buɗe Nearby devices a ba shi Allow. Sannan a buɗe Location a ba shi izini, a kuma tabbatar Use precise location a kunne yake, domin tsohuwar manhaja da aka ba wurin ƙiyasi kawai ba za ta ga komai ba, kuma ba za ta faɗi dalili ba. Akwai wani abu da ake yawan mantawa: izinin wuri daban, maɓallin Location na wayar baki ɗaya daban. Mutane da yawa na kashe wannan maɓalli don batir ya daɗe, alhali idan a kashe yake, manhajar da ke dogaro da shi za ta yi ta nema a banza. A kunna shi aƙalla lokacin haɗawa.

Jiran manhajar ta sake roƙon izini da kanta ba ya amfani. Tun daga Android 11, idan aka ƙi ba da izini sau biyu, tsarin ba ya sake nuna tambayar, sai dai mutum ya bi ta Settings da hannunsa. A wayar iPhone lamarin ya fi sauƙi: tun iOS 13 a 2019 kowace manhaja na da maɓallin Bluetooth nata a cikin Settings, kuma shi ake fara dubawa.

Idan izini ya cika, manhajar ta fara ganin wasu na'urori amma ban da agogon, ko ta gan shi ta kama sai haɗin ya tsinke bayan 'yan daƙiƙoƙi, to matsalar tsohon haɗi ce. Lokacin da aka fara haɗa waya da agogo, wasu nau'o'in kan yi musayar mabuɗin sirri, kowanne ya ajiye nasa, wayar kuma ta ajiye bayanin yadda agogon ya tsara ayyukansa. Sabuntawa na iya taɓa wannan ajiya, sai abin da waya ta riƙe ya saɓa da na agogo. Wani lokaci kuma tsarin wayar ne da kansa ke kama agogon da zarar an kunna bulutut, agogon ya yi shiru tunda a ganinsa ya samu mai shi, manhajar kuwa tana can tana jiran shelar da ba za ta zo ba. Ana gane wannan cikin sauƙi: alamar haɗi na kunne a fuskar agogon, manhajar kuma na cewa ba a haɗe yake ba.

A nan jerin matakai na da muhimmanci. Da farko a cire agogon daga cikin manhajar, inda aka rubuta Unbind ko Remove device. Sannan a shiga Bluetooth a Settings, a nemi sunan agogon cikin na'urorin da aka taɓa haɗawa, a danna Forget ko Unpair. A kashe wayar a kunna, a kashe agogon shi ma a kunna idan yana da wannan zaɓi. Bayan haka a buɗe manhajar a haɗa daga cikinta, ba daga Settings ba. Haɗawa daga Settings ita ce kuskuren da ya fi yawa, domin mutane sun saba da yadda ake haɗa sifika, kuma ita ce ke mayar da agogo cikin shirun da aka fito da shi. Idan sunaye iri ɗaya suka fito da yawa a jerin, kamar yadda kan faru a kasuwa ko ofis, a duba lambar MAC da ke shafin bayanin agogon a daidaita da wadda ke jerin. Idan kuma akwai tsohuwar waya a gida da aka taɓa haɗa agogon da ita, a kashe bulutut ɗinta, don tana iya riga sabuwar kamawa.

Agogunan da ake amsa kira da su suna da haɗi biyu, ɗaya na bayanai ta cikin manhaja, ɗaya na sauti mai fitowa a Settings da suna kusan iri ɗaya. Duka biyun ake cirewa, a fara mayar da na manhaja, na sauti ya biyo baya.

Abu na uku shi ne agogon da ke haɗuwa lafiya muddin manhajar na buɗe, amma ya rabu da waya da zarar allo ya mutu. Wannan aikin tsarin tattalin batir ne, wanda ke rufe manhajojin da ke aiki a ɓoye. Kamfanoni irin su Tecno da Infinix da Xiaomi da Samsung kowanne ya ɗora nasa a kan na Android, kuma sabuntawa na iya mayar da saitin yadda ya fito daga kamfani. A shafin manhajar, ƙarƙashin Battery, a zaɓi Unrestricted ko abin da ya yi daidai da shi. A wayoyin Tecno da Infinix a duba Phone Master a bar wa manhajar damar tashi da kanta, a Xiaomi sunan saitin Autostart, a Samsung kuma a fitar da ita daga Sleeping apps. Hakan zai ɗan ƙara cin batir, kuma babu yadda za a kauce masa idan ana son sanarwa ta riƙa isa hannu. Idan haɗi ya tsaya amma saƙonni ba sa zuwa, a kashe Notification access na manhajar a sake kunnawa, domin wannan izini ne dabam da waɗanda aka ambata.

Sauran magunguna suna da asara, don haka a bar su zuwa ƙarshe. Sabunta manhajar daga Play Store da danna Clear cache ba sa ɓatar da komai, ana iya yin su tun farko. Amma Clear data ko goge manhajar na share tarihin taku da barci idan ba a ajiye shi a asusu ba, kuma da yawa daga masu irin waɗannan agoguna ba su taɓa buɗe asusun ba. Sake saitin sadarwa, wanda a wayoyi da dama ke fitowa da sunan Reset Wi-Fi, mobile & Bluetooth, yana wanke ajiyar bulutut tas, amma yana tafiya da duk kalmomin sirrin Wi-Fi da duk na'urorin da aka haɗa. Mayar da agogon kansa yadda ya fito daga kamfani na share abin da bai riga ya tura wa waya ba. Mayar da wayar baki ɗaya kuwa, wanda wasu masu gyara kan yi saurin ba da shawararsa, ɓarna ce da wannan matsala ba ta kai a yi dominta ba.

Kafin a kai ga waɗannan, akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A kashe bulutut ɗin wayar da ke ba da matsala, a caja agogon, a sa manhajar a wata waya a nema. Idan ya fito ya haɗu, laifin na wayar farko ne. Idan bai fito a ko'ina ba bayan an kashe shi an kunna, to agogon ne ya daina shela, sau da yawa saboda batirinsa ya gaji ko ruwa ya shige shi, sabuntawar kawai ta zo daidai lokaci ne.

Akwai kuma yanayin da saiti ba ya warwarewa. Wasu manhajojin masu su sun yi watsi da su, kuma Android 14 na ƙin karɓar duk manhajar da aka gina don sigar da ta girmi Android 6. Sauya manhaja ba kasafai yake aiki ba, domin kowane rukunin agogo da tsarin saƙonninsa, wanda aka yi wa FitPro ba zai yi magana da Da Fit ba. Hatta agoguna biyu masu suna ɗaya na iya fitowa daga masana'antu dabam da manhaja dabam, saboda haka lambar QR da ke takardar kwalin ko a fuskar agogon ita ce ke nuna manhajar da ta dace. Idan wannan manhajar ta ɓace daga Play Store, ɗauko ta daga shafukan da ba a sani ba na da haɗari, tunda manhaja ce da za a ba damar karanta saƙonni da ganin masu kira. A irin wannan hali agogon zai ci gaba da ƙirga taku shi kaɗai, kuma ana iya barin sa haɗe da tsohuwar waya don saita lokaci da kwashe lissafi.